Yadda ake warware intagiral mai ɗauke da √(a² − x²) ta hanyar sauya x da kusurwa

A fannin lissafin kalkulas, intagiral ita ce hanyar tara ƙananan yanki marasa iyaka domin a gano jimillarsu, kamar girman filin da wani lanƙwasasshen layi ya kewaye ko yawan ruwan da wani mazubi yake ɗauka. Alamarta ita ce ∫, wadda masanin nan na Jamus, Leibniz, ya fara rubutawa a shekarar 1675. Ana warware intagiral ne ta hanyar neman wani fankishin da idan aka ɗauki diribatif ɗinsa za a dawo kan abin da aka fara da shi. Wannan nema yana da sauƙi idan abin da ke hannu x² ne ko x³. Yana yin wuya idan aka ci karo da √(a² − x²), wato tushen murabba'i na abin da ya rage bayan an cire murabba'in x daga murabba'in wata tsayayyar lamba a.

Wuyar tana cikin ɗebewar da ke ƙarƙashin alamar tushen. Tushen murabba'i yana rabuwa a kan ninkawa, domin √(4 × 9) daidai yake da 2 × 3, amma ba ya rabuwa a kan ɗebewa. Idan a = 5 kuma x = 3, to √(25 − 9) = √16 = 4, alhali 5 − 3 = 2. Saboda haka babu halin a ciro a da x daga ƙarƙashin tushen ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne dabarar da za ta mayar da abubuwa biyun nan su zama murabba'i guda ɗaya tak, wanda tushensa zai fita ba tare da gardama ba. Dabarar tana zuwa ne daga tirigonometiri, ilimin alaƙar kusurwoyi da gefunan alwatika.

Alwatikar da ke ɓoye cikin tushen

A ɗauka an jingina tsani mai tsawon mita 5 da bango, an janye gindinsa mita 3 daga bangon. Bisa ƙa'idar Pythagoras, kan tsanin zai taɓa bango a tsayin √(5² − 3²), wato mita 4. Idan aka kira tsawon tsanin a, aka kira nisan gindinsa daga bango x, to tsayin da ya kai a bango shi ne √(a² − x²). Ke nan wannan tushe mai wahalarwa gefe ne na alwatika mai miƙaƙƙiyar kusurwa, wadda dogon gefenta a ne, ɗaya gefen kuma x.

Ana iya bayyana yadda tsanin yake tsaye ta hanya biyu. Ko dai a faɗi nisan gindinsa daga bango, ko kuma a faɗi kusurwar da ke tsakaninsa da bangon. A kira wannan kusurwa θ, harafin Girka da ake furtawa tita. Da zarar an san kusurwar, sauran gefuna biyu sun fito fili: gefen da ke fuskantar kusurwar shi ne a sin θ, gefen da ke maƙwabtaka da ita kuma a cos θ. Wato:

x = a sin θ

√(a² − x²) = a cos θ

Za a iya tabbatar da layi na biyu ba tare da zane ba. Idan x = a sin θ, to a² − x² = a² − a² sin² θ = a²(1 − sin² θ). Sananniyar ƙa'idar tirigonometiri ta ce sin² θ + cos² θ = 1, don haka 1 − sin² θ = cos² θ. Abin da ke ƙarƙashin tushen ya koma a² cos² θ, murabba'i guda cikakke, kuma tushensa shi ne a cos θ. Dabarar duka a nan take: matsalar da aka rubuta da tsawo sai a sake rubuta ta da kusurwa, tushen kuma ya ɓace.

Sauyin ya dace da matsalar ta wata fuskar ma. Tushen √(a² − x²) ba shi da ma'ana sai x yana tsakanin −a da a, domin idan ya wuce nan abin da ke ƙarƙashin tushen zai faɗi ƙasa da sifili. Shi kuwa sayin na kowace kusurwa yana tsakanin −1 da 1, don haka a sin θ yana yawo ne tsakanin −a da a daidai wa daida. Babu wata ƙimar x halastacciya da sauyin ya bari a baya, kuma bai shigo da wadda ba ta halasta ba.

Sharaɗin da ke kan kusurwar

Akwai wani sharaɗi da ake yawan tsallakewa. Tushen murabba'i ba ya taɓa zama ƙasa da sifili, amma kosayin yana iya zama. A bisa gaskiya √(a² cos² θ) daidai yake da a|cos θ|, inda ake ɗaukar girman kosayin ba tare da alamar ɗebewa ba. Domin a samu damar rubuta a cos θ kai tsaye, ana taƙaita θ tsakanin −π/2 da π/2, wato daga digiri −90 zuwa digiri 90, ana kuma ɗaukar a a matsayin lamba da ta fi sifili. A wannan zango kosayin ba ya sauka ƙasa da sifili.

Taƙaitawar tana da amfani na biyu. A cikin wannan zango, kowace ƙimar x tana da kusurwa ɗaya tak da ta dace da ita, kuma wannan kusurwa ita ce θ = arcsin(x/a). Ita ce hanyar komawa gida bayan an gama aiki da θ.

Dole ne kuma a auna kusurwar da radiyan, inda cikakken zagaye yake 2π, rabin zagaye π. Ƙa'idar da ta ce diribatif ɗin sin θ shi ne cos θ tana aiki ne kawai idan θ tana cikin radiyan, kuma dukan lissafin da ke tafe a kanta ya dogara.

Matakan aikin

Aikin yana farawa da gano a. Idan tushen √(25 − x²) ne, to a² = 25, a kuma 5. Daga nan sai a rubuta x = a sin θ, a ɗauki diribatif domin a samu dx = a cos θ dθ. Wannan dx ɗin shi ne kaurin kowane ƙaramin yanki da ake tarawa, kuma tunda an sauya ma'auni daga tsawo zuwa kusurwa, dole shi ma a sauya shi. Bayan haka sai a maye gurbin kowane x, da tushen, da dx, har ya zama babu x ko ɗaya a cikin intagiral ɗin. Sai a warware sabuwar intagiral ɗin da ƙa'idojin tirigonometiri. A ƙarshe a koma ga x ta amfani da alwatikar, ko kuma, idan intagiral ɗin mai iyakoki ce, a sauya iyakokin su ma su zama kusurwoyi.

Misali mafi sauƙi shi ne wanda tushen yake a ƙasa shi kaɗai:

∫ dx / √(a² − x²)

Sama ta koma a cos θ dθ, ƙasa ta koma a cos θ. Sai su soke juna, a bar ∫ dθ, wanda amsarsa θ + C ce. Da aka koma ga x, amsar ita ce arcsin(x/a) + C, inda C take nufin tsayayyar lambar da ake ƙarawa ga kowace intagiral maras iyakoki. Ɗalibai da yawa suna haddace wannan amsa daga jadawali, alhali layi biyu ne kawai asalinta.

Misali na biyu yana nuna amfanin alwatikar wajen komawa. A ɗauki

∫ dx / (25 − x²)^(3/2)

Ƙasan wannan shi ne tushen √(25 − x²) an ninka shi da kansa sau uku. Da x = 5 sin θ, tushen ya zama 5 cos θ, ƙasan ya zama 125 cos³ θ, sama kuma 5 cos θ dθ. Bayan sokewa, abin da ya rage shi ne (1/25) ∫ dθ / cos² θ. An san cewa diribatif ɗin tan θ shi ne 1/cos² θ, don haka amsar ita ce (1/25) tan θ + C.

Yanzu ana buƙatar tan θ a harshen x. Ba sai an nemi kusurwar kanta ba. A alwatikar, tan θ shi ne gefen da ke fuskantar kusurwa a raba da gefen da ke maƙwabtaka da ita, wato x a kan √(25 − x²). Amsar ƙarshe:

x / (25 √(25 − x²)) + C

Idan ana son ƙimarta daga x = 0 zuwa x = 3, sai a sa lambobin: 3 / (25 × 4) = 0.03, a cire sifili. Ana iya auna ko amsar tana da ma'ana. Abin da ake tarawa yana farawa daga 1/125, wato 0.008, yana hawa har zuwa 1/64, kusan 0.0156. A kan tazara mai tsawon 3, jimillar dole ta faɗa tsakanin 0.024 da 0.047, kuma 0.03 tana ciki.

Tushen shi kaɗai da filin da'ira

Intagiral ɗin da ta fi kowacce muhimmanci a wannan dangi ita ce ta tushen shi kaɗai, ∫ √(a² − x²) dx. Dalili kuwa shi ne layin y = √(a² − x²) rabin da'ira ne na sama, da'irar da cibiyarta take kan sifili, kuma nisan cibiya zuwa baki, wato radiyos, shi ne a. Duk wata tambaya game da girman wani yanki na da'ira tana komawa gare ta.

Bayan sauyi, tushen ya ba da a cos θ, dx ma ya ba da a cos θ dθ, sai aka samu a² ∫ cos² θ dθ. Ba a tara cos² θ kai tsaye, sai an rage masa ƙarfi da ƙa'idar ninkin kusurwa: cos² θ = (1 + cos 2θ)/2. Tara 1/2 yana ba da θ/2, tara (cos 2θ)/2 kuma yana ba da (sin 2θ)/4. Tunda alwatikar tana magana ne a kan θ, sai a warware ninkin da sin 2θ = 2 sin θ cos θ. Sakamakon:

(a²/2)(θ + sin θ cos θ) + C

Daga alwatikar, sin θ = x/a, cos θ = √(a² − x²)/a, θ kuma arcsin(x/a). Don haka:

∫ √(a² − x²) dx = (a²/2) arcsin(x/a) + (x/2) √(a² − x²) + C

Kowane ɓangare na wannan amsa yana da siffar da ake iya zanawa. A ɗauki filin da ke ƙarƙashin rabin da'irar daga sifili zuwa x, a ja layi daga cibiya zuwa wurin da ke bakin da'irar a saman x. Layin ya raba filin gida biyu. Na farko alwatika ce mai gindi x da tsayi √(a² − x²), kuma girmanta rabin gindi sau tsayi, wato ɓangare na biyu na amsar. Ɗayan kuma tsagi ne na da'ira mai kusurwa θ, wanda girmansa a²θ/2 ne, wato ɓangare na farko. Wanda ya riƙe wannan zane a ka ba ya buƙatar haddar amsar.

Idan x ya tashi daga 0 zuwa a, θ tana tashi daga 0 zuwa π/2. A ƙarshen, cos θ sifili ne, don haka jimillar ita ce (a²/2)(π/2) = πa²/4. Wannan rubu'in da'ira ne, kuma sau huɗu ɗinsa shi ne πa², girman filin da'ira da ake koyarwa tun a firamare. Archimedes ya tabbatar da abin da ya yi daidai da wannan sakamako a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ta hanyar kewaye da'ira da siffofi masu gefuna da yawa ciki da waje. Shi ma Isaac Newton, wajajen shekarar 1665, ƙoƙarin gano filin da ke ƙarƙashin √(1 − x²) ne ya kai shi ga hanyarsa ta buɗe irin wannan tushe zuwa jerin lambobi maras ƙarshe.

Tankin mai da ke kwance

Wurin da wannan lissafi yake fitowa a harkar yau da kullum shi ne tanki mai siffar ganga da aka kwantar a gefensa, irin wanda ake binnewa a gidajen mai ko ake ajiye dizal ɗin janareta a ciki. Ana auna man da ke ciki ta hanyar tsoma sandar awo daga sama. Sandar tana nuna zurfi, amma abin da mai kaya yake son sani shi ne lita. A tankin da ke tsaye, zurfi da lita suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. A wanda ke kwance ba haka abin yake ba, domin tankin matsattse ne a ƙasa, yana buɗewa zuwa tsakiya, sannan ya sake tsukewa a sama.

A ɗauki tanki mai faɗin mita 2.4 da tsawon mita 6, wanda murafunsa biyu shafaffu ne. Radiyos ɗinsa a = 1.2. Sandar awo ta nuna zurfin mita 0.6, wato rubu'in tsayin tankin. Yawan man shi ne girman ɓangaren murfin da mai ya jiƙa, sau tsawon tankin. Aikin ke nan shi ne gano girman wannan ɓangare.

A auna x daga cibiyar da'irar, sama ta zama ƙari, ƙasa ta zama ɗebewa. Gindin tanki yana x = −1.2, saman mai kuma yana x = −0.6. A kowane tsayi x, faɗin tankin daga bango zuwa bango shi ne 2√(1.44 − x²). Idan aka yanka ɓangaren da ya jiƙe zuwa siraran yanki a kwance, kowanne mai kauri dx, girman filin shi ne jimillarsu:

∫ 2√(1.44 − x²) dx, daga x = −1.2 zuwa x = −0.6

Sauyin shi ne x = 1.2 sin θ, dx = 1.2 cos θ dθ. Sai a juya iyakokin. A gindi, sin θ = −1.2/1.2 = −1, wato θ = −π/2. A saman mai, sin θ = −0.6/1.2 = −1/2, wato θ = −π/6. Duka biyun suna cikin zangon da aka amince da shi. Bisa abin da aka samu a baya, da ninkin 2 da ke gaba, filin shi ne 1.44 × (θ + sin θ cos θ), a auna shi a iyakar sama a cire na iyakar ƙasa.

A θ = −π/6, kusurwar ita ce −0.5236, sayin −0.5, kosayin 0.8660. Ninkinsu −0.4330 ne, jimilla −0.9566. A θ = −π/2, kusurwar ita ce −1.5708, kosayin kuma sifili, don haka jimillar −1.5708 ce. Bambancinsu 0.6142. Idan aka ninka da 1.44 za a samu murabba'in mita 0.8844. Sau tsawon mita 6 ya ba da kubik mita 5.307, kuma tunda kowane kubik mita lita 1,000 ne, man da ke cikin tankin kusan lita 5,307 ne.

Cikakken tankin yana ɗaukar π × 1.44 × 6, wato kusan lita 27,143. Wanda ya ce rubu'in zurfi rubu'in mai ne zai rubuta lita 6,786 a littafinsa, ya ƙara wa kansa kusan lita 1,479 da babu su. Abin da ke ciki a zahiri bai kai kashi 20 cikin 100 ba, kusan kashi 19.6 ne. Wannan kaso bai dogara da girman tanki ba: kowane tanki mai zagayayyen murfi shafaffe, idan yana kwance daidai kuma zurfin ya kai rubu'i, kason da ke ciki ke nan.

Faɗin nan 2√(a² − x²) yana kuma nuna darajar kowace santimita a jikin sandar. A tsakiyar tankin, inda faɗin ya kai mita 2.4, santimita ɗaya tana nufin lita 144. A zurfin mita 0.6, faɗin ya ragu zuwa kusan mita 2.08, santimita ɗaya ta koma kusan lita 125. A zurfin santimita 10 daga gindi, faɗin bai kai mita ɗaya ba, kuma santimita ɗaya kusan lita 58 ce kawai. Shi ya sa irin waɗannan tankuna suke zuwa da jadawalin da ke fassara zurfi zuwa lita. Lissafin nan ya ɗauka cewa murafun shafaffu ne kuma tankin bai karkata ba. Idan murafun sun kumburo waje, kamar yadda ake yi wa tankuna da yawa, ko tankin ya jirkice a cikin ƙasa, sai an yi gyara a kan wannan amsa.

Inda ake kuskure da yadda ake ganewa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sauya tushen a manta da dx, a rubuta dθ kawai a gurbinsa. A misalin tanki, hakan zai ba da ∫ 2 × 1.2 cos θ dθ, wanda ƙimarsa 1.2 ce maimakon 0.8844. Alamar kuskuren tana cikin ma'auni. Girman fili tsawo ne sau tsawo, don haka dole a ta fito sau biyu, a matsayin a². Idan aka ga a guda ɗaya tak a gaban amsar da ake nufin fili ce, to an bar dx a baya.

Na biyu shi ne cakuɗa iyakoki, a sa −1.2 da −0.6 a gurbin θ alhali ƙimomin x ne. Hanyoyi biyu ne halastattu: ko a juya iyakokin zuwa kusurwa a tsaya a θ, ko a koma ga x tukuna sannan a sa iyakokin asali. Rubuta "θ =" a gefen kowace sabuwar iyaka yana hana wannan ruɗani.

Na uku yana zuwa daga kalkuleta. Idan tana kan DEG maimakon RAD, arcsin(−0.5) zai fito −30, arcsin(−1) kuma −90. Da waɗannan lambobi, filin da ya jiƙe zai fito kusan murabba'in mita 85.8, alhali murfin tankin gaba ɗaya 4.52 ne. Kwatanta amsa da girman abu gaba ɗaya yana kama wannan nan take. Ana iya matse kwatancen fiye da haka. Ɓangaren da ya jiƙe yana cikin akwati mai faɗin 2.08 da tsayin 0.6, wanda girmansa kusan 1.25 ne, kuma ya fi alwatikar da ke da wannan gindi da wannan tsayi, wadda girmanta kusan 0.62 ne. Amsar 0.8844 tana tsakaninsu.

Na huɗu shi ne fita daga zangon kusurwar. Sayin na π sifili ne, kamar sayin na 0. Wanda ya zaɓi θ = π a matsayin kusurwar x = 0 wajen lissafin rubu'in da'ira, ya kuma ci gaba da rubuta tushen a matsayin a cos θ, zai samu −πa²/4. Tsakanin π/2 da π kosayin yana ƙasa da sifili, don haka tushen a can −a cos θ ne. Idan ana tara abin da bai taɓa sauka ƙasa da sifili ba, daga ƙaramar iyaka zuwa babba, amma amsa ta fito da alamar ɗebewa, to a duba zangon kusurwar.

Ga intagiral maras iyakoki kuwa, gwajin da ba ya ƙarya shi ne a ɗauki diribatif ɗin amsar. Idan bai dawo da abin da aka fara da shi ba, akwai kuskure a hanya.

Siffofin da suka ɓad da kama

Ba kullum tushen yake zuwa a siffar a² − x² ƙarara ba. A √(9 − 4x²), abin da ake cirewa shi ne murabba'in 2x, don haka sauyin shi ne 2x = 3 sin θ, wato x = (3/2) sin θ, dx kuma (3/2) cos θ dθ. Tushen ya koma 3 cos θ. A √(5 + 4x − x²) sai an fara cika murabba'i: 5 + 4x − x² = 9 − (x − 2)². Wannan rabin da'ira ce mai radiyos 3 da aka matsar da cibiyarta zuwa x = 2, kuma sauyin da ya dace shi ne x − 2 = 3 sin θ.

Ana iya amfani da x = a cos θ a maimakon sayin, a taƙaita θ tsakanin 0 da π. Tushen zai zama a sin θ, amsar kuma ba za ta canja ba, sai dai dx = −a sin θ dθ yana zuwa da alamar ɗebewa da ake iya mantawa da ita. Wannan ne ya sa aka fi zaɓar sayin.

Iyakar dabarar

Wani lokaci sauyin yana aiki amma ba a buƙatarsa. Idan akwai x guda a wajen tushen, kamar a ∫ x√(a² − x²) dx, sauyi na yau da kullum ya wadatar. A sa u = a² − x², sai du = −2x dx, wanda ya haɗiye x ɗin da ke waje. Amsar tana fitowa cikin layi biyu: −(1/3)(a² − x²)^(3/2) + C. Haka abin yake duk lokacin da ƙarfin x ɗin da ke ninka tushen ya kasance mara, kamar x³ ko x⁵. Idan ƙarfin cika ne, kamar x², ko babu x a waje sam, a nan ne ake komawa ga kusurwa.

Wani lokaci kuma sayin ba shi ne maganin ba. Tushen √(a² + x²) yana buƙatar x = a tan θ, bisa ƙa'idar 1 + tan² θ = sec² θ. Tushen √(x² − a²) kuma yana buƙatar x = a sec θ. Alwatika ce ke bambanta su ukun. Idan an cire x² daga a², to a ne dogon gefe. Idan an cire a² daga x², x ne dogon gefe. Idan kuma an haɗa su, tushen kansa ne dogon gefe.

Akwai kuma inda sauyin yake kawar da tushe ɗaya ya bar wani. Siffar ƙwai da ake kira ilips, mai rabin tsawo a da rabin faɗi b, layinta na sama shi ne y = (b/a)√(a² − x²). Girman filinta yana fitowa da sauƙi, domin intagiral ɗin da'ira ce aka ninka da b/a, amsar kuma πab. Haka ma man da ke cikin tankar da murfinta yake da wannan siffa ana lissafa shi da hanyar da aka bi a sama. Tsawon kewayenta kuwa wani abu ne daban. Bayan an sa x = a sin θ, abin da ya rage shi ne a√(1 − k² sin² θ), inda k² = 1 − b²/a². Idan a da b daidai suke, k sifili ne, tushen ya zama 1, kewayen kuma 2πa. Idan b ta gaza a amma ta fi sifili, ƙa'idar sin² θ + cos² θ = 1 ba ta iya mayar da abin da ke ƙarƙashin tushen murabba'i guda, kuma an tabbatar cewa intagiral ɗin ba ta da amsa cikin fankishin da aka saba da su. Irin wannan ana ƙiyasta ƙimarta ne da lambobi, ko a buɗe ta zuwa jeri maras ƙarshe a tara gwargwadon daidaiton da ake buƙata.